Saƙon ta'aziyya da Larabci: wa ake wa addu'ar?

Ku duba saƙon da ke kan allo. Shi ne wanda ake ta turawa daga wannan zauren WhatsApp zuwa wancan a nan Katsina duk lokacin da aka yi rasuwa, har muhawara ta ɓarke a kansa.

إن لله وإن إليه راجعون. عظم الله أجرك وأحسن عزائك. رحمه الله وأسكنه فسيح جناته إنشاء الله

Mu ɗauka mahaifiyar wani malaminmu ce ta rasu a Ƙofar Marusa, almajiri ya kwafo wannan zai tura masa. Niyya mai kyau ce, amma dakata tukuna.

Layin farko aya ce, Baƙara ta 156, ba a yi mata kwaskwarima. Alif biyu ne suka faɗi. Innaa lillahi wa innaa ilaihi raji'un, da jan sauti: إنا لله وإنا إليه راجعون. Shi ke nan, mu wuce.

Ga inda aikin yake. A kowane saƙon ta'aziyya akwai wanda kake yi wa magana, akwai wanda ya rasu, sannan akwai Allah da ake roƙo. Kowanne da lamirinsa a wutsiyar kalma, kuma mai kwafa ba ya duba wutsiya.

Mu fara da mai rasuwar. Saƙon ya ce rahimahullah, wato Allah ya ji ƙansa. To Hajiya ce ta rasu. Da Hausa babu wanda zai shiga zauren makoki ya ce wa Malam "Allah ya ji ƙan Hajiya, ya gafarta masa" ba tare da an ɗago kai an kalle shi ba, amma da Larabci muna yin haka kullum. Ga mace: رحمها. Haka kuma askanahu ta koma askanaha, ya zaunar da ita. Idan haɗari ne ya ci mutane da yawa, rahimahum.

Yanzu ku tsayar da bidiyon, ku kalli kalmar nan da na zagaye da ja: جناته, jannatihi. Da zarar mutum ya gane darasin "ha", sai zumuɗi ya kwashe shi ya mayar da ita jannatiha. A'a. Wannan "hi" ɗin ga Allah take komawa, ma'anar ita ce ya zaunar da ita a yalwatattun aljannatansa. Ko mace ta rasu ko namiji ko mutum goma, jannatihi tana nan yadda take. Kafin ka taɓa kowane lamiri, tambayi kanka: wannan na wa ne?

Sai wanda ake yi wa ta'aziyyar. Ajraka nahawu bai hana ba, amma Malam ne. Yadda za ka ce masa "ya haƙurinku", haka Larabci ke girmamawa da jam'i: ajrakum. Kuma da shi ka haɗa har iyalin gidan. Idan mace ɗaya ce, ƙawarki misali, ajraki.

Da an taɓa wannan layin, a gyara hamza. Bayan ahsana, kalmar fataha take ɗauka, don haka hamzar zaune take a kan layi ita kaɗai: عزاءكم, aza'akum.

Wasu kan ƙara hadisin Bukhari da Muslim, wanda ya ƙare da faltasbir waltahtasib. Ku tuna, Annabi (SAW) saƙo ya aika wa 'yarsa ta bakin ɗan aike, ma'anar ita ce "ta yi haƙuri, ta nemi lada." In kana kawo hadisin ne, bar shi yadda ya zo. In kuwa kai ne ke magana da mutanen gida, fasbiru wahtasibu. Ni dai ga malamina ba na iya ba shi umarnin haƙuri, addu'a kawai nake yi.

Insha Allahun ƙarshe kuwa, an ma rubuta ta a haɗe, alhali kalma uku ce: إن شاء الله. Amma cire ta za mu yi, domin hadisi ya hana mai addu'a cewa "ka gafarta mini in ka so," kuma malamai da yawa daga nan suka ce a bar roƙo a yanke.

Abin da ya rage shi ne gudanar jimla. Tsohon saƙon ya yi tsalle daga Malam zuwa wani "shi" da ba a ambata ba. Sai mu ambaci Hajiya sau ɗaya, mu jera addu'o'in da wawu, sunan Allah a farko ya ɗauke su duka:

إنا لله وإنا إليه راجعون. فضيلة الشيخ، عظم الله أجركم، وأحسن عزاءكم، وغفر لوالدتكم ورحمها وأسكنها فسيح جناته

Ku ɗauki hoton allon. In mahaifi ne ya rasu, wurare uku za ku sauya: liwalidikum, rahimahu, askanahu.