Komawa aiki a Saudiyya bayan shekarun reno: daga igama zuwa lissafin albashi

Assalamu alaikum 'yan'uwa mata na Makka, Jidda da Madina. Idan kin yi shekara biyar ko shida a gida kina reno, autanki ya fara tasawa, kina son komawa aiki, wannan bayani naki ne. Mata da yawa suna tsoron a tambaye su ina suka shige duk shekarun nan. Wannan tambayar ba ita ce ta fi wuya ba. Abubuwa biyu ne suka fi yanke hukunci: takardar da ke hannunki, da abin da zai rage miki a aljihu bayan kuɗin mota da na mai kula da yaro.

Mu fara da takarda, domin Hausawan ƙasar nan ba matsayinsu ɗaya ba. Idan ke 'yar ƙasa ce, ƙofofin gwamnati a buɗe suke: Jadarat, dandalin neman aiki na ƙasa, da tallafin Hadaf, asusun bunƙasa ma'aikata. Idan mahaifiyarki ce 'yar ƙasa, doka ta ba ki damar aiki a kamfani mai zaman kansa ba tare da kin sauya kafili ba, kuma ana lissafa ki cikin 'yan ƙasa a tsarin Niɗaƙat, wanda ke ƙayyade wa kamfanoni yawan 'yan ƙasar da za su ɗauka. Ki faɗi wannan tun a layin farko na takardar neman aikinki, don masu ɗaukar ma'aikata da yawa ba za su tambaya ba, su dai ajiye ta gefe. Idan kuwa igamarki a ƙarƙashin maigida ko mahaifi take, ba ta ba ki izinin aiki ba. Sai dai ko a mayar da ke ƙarƙashin kamfanin, ko a fitar miki da izini ta Ajeer, dandalin izinin aiki na wucin gadi, wanda makarantu masu zaman kansu suke bi su ɗauki malamai. Duk wanda ya ce ki fara kawai, takardu sa biyo baya, ki bar shi. Ran da masu bincike suka shigo, ke da maigidanki za ku shiga matsala, ran da kuma aka hana ki albashi ba ki da takardar da za ki kai ƙara da ita.

Na biyu, ki dawo da tarihin aikinki. Ki shiga asusunki na Ta'aminat, hukumar inshorar ma'aikata, ta manhajar Nafath, ki sauke shaidar tsawon aiki da albashi. A ciki akwai sunan kowane wurin da ya yi miki rajista, da ranar shiga da ta fita. Ki kwafe waɗannan ranaku daidai cikin takardar tarihin aikinki. Abin da ke yawan faruwa shi ne mace ta ja ranar barin aikinta gaba da shekara ɗaya ko biyu don ta rage giɓin, sai kamfani ya nemi shaidar, ya ga ba su yi daidai ba. Giɓin bai hana ta aiki ba, saɓanin ne ya hana. Layi ɗaya ya isa: 2019 zuwa 2025, kula da iyali. A ƙarƙashinsa ki sa abin da kika yi kwanan nan, ko da kwas ɗaya ne na Excel a Doroob, dandalin horo na Hadaf, da watan da kika gama shi.

To waɗanne ayyuka ne ke maraba da mai dawowa? Waɗanda ake koyar da sabon ma'aikaci cikin mako biyu ko uku, ake kuma auna shi da yadda yake da mutane. Karɓar baƙi a mustausaf da tsara layin ganin likita. Amsa kiran kwastomomi, wanda ana yin wani sashensa daga gida, sai dai an keɓe shi ga 'yan ƙasa. Gidajen reno da makarantun yara, inda ake tashi kusa da lokacin da 'ya'yanki suke tashi. Sannan aikin mausimi a Makka da Madina: otal-otal da kamfanonin hidimar alhazai suna buƙatar mai jin Larabci da Hausa, saboda dubban alhazan Najeriya da Nijar. Kada ki raina wannan. Hausar da kike yi da kakarki a tsakar gida ki rubuta ta a jerin harsunanki. Wata biyu na aikin Hajji yana ba ki shaida mai kwanan wata na bana, ita ce kuma ke rufe bakin mai tambayar giɓi.

Aikin jinya da na kantin magani su kam ba a faɗa musu kai tsaye. Ki duba rajistarki a Mumaris Plus, dandalin rajistar ma'aikatan lafiya, tukuna, don idan ta mutu ba asibitin da zai iya ɗaukar ki, kuma doguwar yankewa tana iya jawo a nemi ki sake horo.

Yanzu lissafi, wanda a nan mata suka fi faɗuwa. A ce mace ce 'yar ƙasa a Makka, ta yi shekara huɗu tana karɓar baƙi a mustausaf, ta zauna gida shekara shida, ƙaraminta yana da shekara biyu. An yi mata tayin riyal 4,000. Ba a banza ake yawan jin wannan adadi ba: shi ne mafi ƙarancin albashin da zai sa a ƙirga ɗan ƙasa a matsayin cikakken mutum ɗaya a Niɗaƙat. Tun da tana da tsohuwar rajista, Ta'aminat za ta cire kashi 9.75 cikin ɗari na asalin albashi da kuɗin gida. Idan duka 4,000 ɗin haka aka rubuta su, 390 sun tafi, saura 3,610. A ce gidan reno 1,000 ne a wata, mota zuwa da dawowa 30 a rana, kwana 26, wato 780. Abin da ya rage mata 1,830.

Sai ta tambayi abin da ya kamata kowace mace ta tambaya kafin sa hannu: dawam ɗin fatara ɗaya ne ko biyu? Suka ce biyu, safe zuwa azahar, sannan la'asar zuwa bayan isha'i. Awannin takwas ne dai, kamar yadda doka ta tsara, amma kuɗin mota ya ninka ya koma 1,560, saura 1,050, ga shi gidan reno ya rufe tun kafin fatara ta biyu. Wannan aikin ba nata ba ne, komai kyawun ofis ɗin. Wurin da ke biyan 4,000 ɗin a fatara ɗaya ya fi mata wanda zai ba ta 4,500 a biyu.

Akwai abin da ke gyara lissafin ga 'yar ƙasa. Shirin Wusool yana ɗaukar kashi 80 cikin ɗari na kuɗin mota zuwa wani iyaka a wata, Qurrah kuma yana taimakawa da kuɗin gidan reno, amma sai wanda ke da rajista a cikin shirin. Dukansu suna duba rajistarki a Ta'aminat, saboda haka watan farko ki shirya biya daga aljihunki, ki kuma tambayi gidan renon ko yana cikin Qurrah kafin ki kai yaron.

Idan an ɗauke ki, kwantiragin zai zo ta Qiwa, dandalin ma'aikatar ƙwadago. Ki karanta shi a wayarki kafin ki danna amincewa, ki nemo layin lokacin gwaji, wanda zai iya kai kwana 180, a cikinsa kuma ana iya sallamar ki ba tare da ladan ƙarshen aiki ba. Idan kina shayarwa, kina da haƙƙin hutu har awa ɗaya a rana, ana ƙirga shi cikin awannin aiki, ba a rage albashi a kansa. Ki nemi a tsayar da lokacinsa a rubuce tun makon farko, farkon dawam ko ƙarshensa, kafin a fitar da jadawalin wata ba tare da shi ba.