Sifili Uku da ke Ɓuya a Saman Jadawali: Lacca kan Fassara Alƙaluman Rahoton Kuɗi

Assalamu alaikum. Malamai, 'yan jarida da 'yan'uwana masu fassara, barkanmu da warhaka. Kowa ya ɗauki takardar da aka raba a ƙofa, don a kanta za mu yi aikin yau. Rahoton shekara ne na misali, irin wanda ƙungiyar 'yan kasuwa a Kantin Kwari za ta iya kawo muku ta ce a mayar da Hausa.

Kafin ku duba kowace lamba, ku kalli saman jadawalin. An rubuta ₦'000. Ma'anarsa duk abin da ke ƙasa an yanke masa sifili uku, saboda kada takarda ta cika. To layin farko, cinikin shekara, an rubuta 120,500. Mai gaggawa zai ce naira dubu ɗari da ashirin da ɗari biyar, kuɗin da ɗan tebur ma kan juya. Ainihin kuɗin ₦120,500,000 ne, wato naira miliyan ɗari da ashirin da dubu ɗari biyar. A cikin jadawali ku bar alƙaluman yadda akanta ya jera su, ku rubuta a sama cewa alƙaluman a dubban naira suke. Amma da zarar kun ciro lamba kun sa ta cikin jimla, sai ku mayar mata da sifilinta, domin ta bar inuwar wancan rubutun na sama. Wasu rahotannin ₦'m suke sawa, can kuma sifili shida ne.

Yanzu ga inda Hausarmu ke buƙatar lura. Idan na ce "dubu ɗari da hamsin", nawa na faɗa?

(Wani daga cikin masu sauraro ya ce: Malam, 150,000 ke nan.)

Madalla, Alhaji, haka duk ɗan kasuwa zai ji shi. To 100,050 fa? Idan ka karanta shi kai tsaye, abin da za ka furta ke nan. Shi ya sa a nan za ka ce dubu ɗari da naira hamsin. A rahoto ni ban yarda da kalmomi su kaɗai ba. A rubuta alƙaluma, kalmomi su biyo baya in da buƙata.

Ɗigo ma haka. Akanta ya rubuta ₦1.25bn, sai ka ji a rediyo an ce biliyan ɗaya da ɗigo ashirin da biyar. Gobe a ce biliyan ɗaya da ɗigo biyar. Mai sauraro zai ɗauka na farkon ya fi yawa, tunda ashirin da biyar ta fi biyar, alhali na biyun ne babba. Ku warware shi kawai. Na farko biliyan ɗaya da miliyan ɗari biyu da hamsin ne, na biyu biliyan ɗaya da rabi. Ku kuma kula da sifilin da ke bin ɗigo: ₦2.05m miliyan biyu da dubu hamsin ne, ba miliyan biyu da rabi ba. Tsakaninsu akwai ₦450,000.

Ku sauko layi na ƙarshe, inda aka sa (12,400) cikin baka. A al'adar akantoci, baka na nufin abin cirewa ne ko faɗuwa. Layin riba ne, don haka ƙungiyar ta yi asarar naira miliyan goma sha biyu da dubu ɗari huɗu. Wanda ya zubar da bakan nan don yana ganin ado ne, ya mayar da asara riba. Hanyar ganewa ba wuya: ku tara ku ɗebe da kanku, in jimillar ba ta fito daidai da ta akanta ba, an yar da wani abu a hanya.

Kwanan wata ba zan daɗe a kai ba. A Najeriya rana muke fara rubutawa, Amurkawa kuwa wata. Saboda haka 03/04/2023 a wurinmu 3 ga Afrilu ne, a wurinsu 4 ga Maris. Ku nemi wani kwanan a cikin rahoton da lambarsa ta wuce 12, shi zai nuna muku tsarin da aka bi, sannan ku rubuta sunan watan ɓaro-ɓaro. Ku kuma bambanta "a ranar 31 ga Disamba", wanda ke faɗin abin da ake da shi a wannan rana, da "shekarar da ta ƙare 31 ga Disamba", wanda ya tattara hada-hadar wata goma sha biyu.

Hajiya ta turo tambaya a rubuce kan takardun da ke zuwa daga Maraɗi. Hajiya, can tsarin Faransa suke bi, waƙafi ne ke zama a gurbin ɗigonmu. In kin ga 1,500 a takardarsu, yana iya zama ɗaya da rabi, dubu ɗaya da ɗari biyar kuwa sukan rubuta 1 500 da tazara. Kuma kada ki sa "jaka" a rahoto. A Nijar jaka sefa dubu ce, a nan Kano dattawa sun san ta da naira ɗari biyu, wato fam ɗari na da, tunda a 1973 da aka kawo naira kowane fam ɗaya naira biyu aka canza shi. Ki rubuta sefa ko naira da alƙalumanta, kuma kada ki canza sefa zuwa naira sai in rahoton da kansa ya faɗi farashin canjin da ranarsa.