Darasi: Yadda ake daidaita abin da aka cire a takardar albashi da lissafin lanhon shekara

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da warhaka, daga nan Maradi nake magana da ku. Yau aikin ƙarshen shekara za mu yi tare. Ku ɗauko takardun albashi goma sha biyu na ma'aikaci guda, daga Janairu zuwa Disamba, ku buɗe Excel, ku aje jadawalin lanho kusa. Wanda bai da ordinata, kalkuleta da takarda sun isa, sai dai zai ɗan daɗe.

Misalin da na ɗauka na wani mai kula da sito ne a wani kamfani mai zaman kansa nan cikin gari, shekarar 2024. Na faɗi shekarar da gangan, don lanhon kowace shekara da dokar wannan shekarar ake lissafa shi. In kana duba wata shekara daban, jadawalinta za ka nemo. Albashinsa jika 160 ne daga Janairu zuwa Yuni, wato sefa 160,000, sai aka yi masa ƙari daga Yuli ya koma 240,000. Mutum biyu aka rubuta masa a matsayin waɗanda yake ɗauke da nauyinsu.

To, ku dubi takardar Janairu, ga ta nan na matso da ita. A gefen cirewa layi huɗu ne: CNSS wato kuɗin kes, ITS wato lanhon albashi, sai abansi na jika 20 da ya karɓa, sai kuɗin ƙungiya. Biyu na farko su ne doka ta ce a cire. Abansi bashi ne tsakaninsa da maigidansa, kuɗin ƙungiya kuma tsakaninsa da ƙungiyarsa, ba ruwan ofishin lanho da su. Na sha ganin ma'aikaci ya ɗauki Salaire brut ya cire Net à payer, abin da ya rage ya ce duka gwamnati ce ta ci, ransa ya ɓaci a banza. Ku ja layi a kan waɗannan biyun na ƙasa, mun gama da su. Ma'aikatan gwamnati, ku asusun fanshonku daban ne, ba CNSS ba, amma sauran aikin duk ɗaya ne.

A Excel ɗin, layi goma sha biyu, wata goma sha biyu. B albashin gaba ɗaya kafin a cire komai, C kuɗin kes, wato CNSS. Rabon ma'aikaci kashi 5.25 cikin ɗari ne, kuma akwai iyaka, sefa 500,000 a wata, abin da ya haura nan ba a cire masa. Ga abin da nake rubutawa, nawa Excel ɗin na Faransanci ne shi ya sa kuka ga waƙafi a maimakon ɗigo:

```
=MIN(B2;500000)*5,25%
```

Janairu ya ba mu 8,400. Yuli 12,600. A ja shi ƙasa. Wata shida na 8,400 ya zama 50,400, wata shida na 12,600 ya zama 75,600, jimla 126,000. In ka ɗauki albashin shekara gaba ɗaya, 2,400,000, ka cire masa kashi 5.25, 126,000 ɗin nan dai za ka samu. Kes ba ta da wuya, muddin mutum bai kai iyakar ba. Wasu takardun suna nuna rabon maigida a gefe, kada ku haɗa shi, ba daga aljihun ma'aikaci ya fito ba.

Yanzu ga inda nake so ku natsu. Ba a kan 160,000 ake lissafa ITS ba. Sai an rage shi sau uku, ɗaya bayan ɗaya, kowane a kan abin da na baya ya bari. Na farko a cire kuɗin kes: 160,000 a cire 8,400, saura 151,600. Na biyu a cire kashi goma na ɗawainiyar aiki, 15,160, saura 136,440. Na uku rangwamen iyali. Mutum ɗaya kashi biyar ne, mutum biyu kashi goma, uku kashi goma sha biyu, yana hawa kaɗan-kaɗan har mai bakwai ya samu kashi talatin. Namu biyu ne, to kashi goma na 151... a'a, ku dakata, na 136,440 ne, wanda ya rage bayan cirewa ta biyu. Shi ne 13,644. Saura 122,796. Wannan adadi shi ake kai wa jadawali.

Na ga masu haɗa goma da goma su ce ashirin, su cire ta gaba ɗaya daga 151,600. Ba daidai ba ne. Za ka samu 121,280, ka ga ka sauka ƙasa da sama da jika ɗaya da rabi, kuma kowane wata kuskuren zai maimaitu.

Jadawalin kuwa hawa-hawa ne, kamar matakalar bene, kowane mataki da kuɗinsa. Jika 25 ta farko kashi ɗaya, sefa 250. Daga nan zuwa jika 50 kashi biyu, sefa 500. Daga 50 zuwa 100 kashi shida, 3,000. Daga 100 zuwa 150 kashi goma sha uku. Daga 150 zuwa 300 kashi ashirin da biyar. Sama da haka yana ci gaba har kashi talatin da biyar ga abin da ya wuce miliyan, amma mutuminmu bai kai can ba. Ni dai adadi biyu na haddace, suna sauƙaƙa mini aiki sosai: wanda ya cika jika 100 ya tara lanhon 3,750, wanda ya cika jika 150 ya tara 10,250. Sai kawai ka lissafa abin da ya ɗoru a kai.

Janairu: 122,796 ya wuce jika 100 da 22,796. Kashi goma sha uku nasa 2,963, a haɗa da 3,750, ya zama 6,713. Yuli kuma, hanyar ɗaya ce, ba sai na maimaita ba, bayan cirewa ukun saura 184,194. Ya wuce jika 150 da 34,194, kwatansa 8,548, a haɗa da 10,250, ya zama 18,798.

In takardarka ta nuna 6,610 a maimakon 6,713, kada hankalinka ya tashi. Manhajar albashin ta sauke 122,796 zuwa 122,000 cif kafin ta lissafa. Na Yuli zai fito 18,750. Ku gane yadda taku take yi tun a watan farko, ku bi ta haka har Disamba. Bambancin sefa ɗari ko hamsin a wata daga nan yake fitowa. Bambancin jikkuna kuwa wani abu ne daban, dole a nemo shi.

To yanzu shekara. Wata shida na 6,713 ya ba da 40,278. Wata shida na 18,798 ya ba da 112,788. Jimla 153,066. Wannan shi ne lanhon shekarar mutumin nan.

Ga gajeriyar hanyar da take yaudarar mutane, bari in yi ta a gabanku don ku gani da idonku. Mutum ya ɗauki 2,400,000 ya raba goma sha biyu, ya samu 200,000 a wata. Ya yi cirewa ukun, saura 153,495, lanho ya kama 11,124, ya ninka goma sha biyu, ya samu 133,488. Sai ya kwatanta da 153,066, ya ce an zalunce shi kusan jika 20. Ba wanda ya zalunce shi. Matakan ITS a Nijar na wata ne. A watannin ƙarin, sama da jika 34 ta faɗa matakin kashi ashirin da biyar kowane wata. Da ka yi raba-daidai, sai ka ɗebo wannan kuɗin ka cike gurbin da ya rage a matakin kashi goma sha uku na watannin farko, alhali doka ba ta ba ka wannan damar ba. Raba-daidai yana aiki ne kawai in albashin bai motsa ba duk shekara, ko in duk watannin suna cikin mataki guda. Kuma abin da ke ƙara ruɗa mutum, da wannan gajeriyar hanyar kuɗin kes ya fito daidai, sai ya ɗauka lanhon ma dole ya fito. Wannan wurin ya cinye mini lokaci sosai farkon shigata aikin nan, shi ya sa nake nanata shi.

Masu aiki da ƴan uwanmu na Katsina da Kano, ku kula, can lissafin harajin albashi a kan matakan shekara ake gina shi. Kada ku ɗauko tsarinsu ku ɗora wa takardar Maradi.

Mu koma kan takardun gaske. Na tara layin ITS na takardu goma sha biyun nan, da na rubuta a shafin E:

```
=SOMME(E2:E13)
```

Ya ba ni 140,981. Lissafinmu ya ce 153,066. Giɓin 12,085 ne. Kafin ka fara buɗe takardu ɗaya bayan ɗaya, tsaya ka kalli giɓin da kansa, sau da yawa shi zai gaya maka inda matsalar take. 18,798 a cire 6,713, nawa ne? 12,085. Ke nan akwai wata guda da aka biya sabon albashi amma aka cire tsohon lanho. Ga takardar Yuli: Salaire brut 240,000, CNSS 12,600 daidai, ITS 6,713. An canja albashi, layin lanho kuma da hannu aka rubuta shi, aka kwafo na Yuni. Shi ya sa nake son a ƙara shafi ɗaya a gefe, abin da aka cire a rage abin da ya kamata a cire, wata-wata. Duk inda ba sifili ba, nan za ka duba.

Da giɓin ya zamana yana nan a kowane wata, ƙarami a farkon shekara, babba bayan ƙarin albashi, da sai in ce ku duba adadin iyali tukuna. Watakila manhaja tana lissafi da mutum ɗaya, fayil ɗin ma'aikaci kuma yana cewa biyu, don an kawo takardar haihuwa ba a shigar da ita ba.

Ƴan uwana kwantabul, ku aikinku bai ƙare a nan ba. Adadi uku ne za su haɗu: jimlar ITS na takardun duk ma'aikata, jimlar rasit ɗin abin da kuka zuba wa ofishin lanho wata-wata, da abin da za ku rubuta a bayanin albashi na shekara. Ku tuna lanhon wata ana zuba shi ne a watan da ke biye, zuwa ranar 15. Rasit ɗin da aka buga a Janairun 2024 na Disamban 2023 ne, ku fitar da shi, ku sa na Janairun 2025 a wurinsa. Da yawa ranar da ke jikin rasit suke bi, lissafi ya ƙi haɗuwa.

Shi kuwa 12,085 ɗin nan, maigida ne doka ta ɗora wa cirewa da zubawa, don haka shi ofishin lanho zai tambaya. A zuba cikon, a gyara takardar Yuli, a zauna da ma'aikacin a nuna masa lissafin kafin a taɓa albashinsa, kada ya tarar an rage masa jika goma sha biyu ba bayani. Mutum ne mai iyali, ya riga ya tsara watansa.

Teburin nan da kuka ga ina aiki da shi, ina bai wa duk wanda ya zo horon da muke yi ranar Asabar da safe, har da matakan sama duk a ciki, sai dai kowa ya zo da takardunsa da jadawalin shekarar da yake dubawa. A darasi na gaba za mu ɗauki mai albashin da ya haura 500,000, mu ga yadda iyakar kes take canja adadin da ake kai wa jadawali. Sai mun haɗu, a gaida gida.