Yadda Ake Taƙaita Wa Ɗalibi Doguwar Maƙalar Bincike

Assalamu alaikum. Malamai da ɗalibai, barkanmu da yamma.

Idan ɗalibi ya kawo maka maƙala mai shafuka da yawa, ya ce abin da yake buƙata kawai shi ne yadda aka yi binciken da abin da aka gano, kada ka kwafe masa ɗan taƙaitaccen bayanin da ke shafin farko. Gabatarwa da tattaunawar marubuta ma a ajiye su tukuna. Je ka sashen hanyar bincike, daga nan sai teburan sakamako.

Mu ɗauki binciken MORDOR, wanda mujallar New England Journal of Medicine ta buga a 2018. An yi shi a Nijar, yankin Doso, da Malawi da Tanzaniya, don a ga ko raba wa yara azitiromaisin, wani maganin kashe ƙwayoyin cuta, zai rage mace-mace.

Ga yadda za ka rubuta hanyar: an raba garuruwa da ƙauyuka 1,533 gida biyu ta hanyar ƙuri'a. A ɓangare ɗaya, yara 'yan wata 1 zuwa 59 sun sha maganin sau biyu a shekara har shekara biyu. A ɗayan sun sha wani abu mai kama da shi wanda babu magani a ciki. Ana bi gida-gida ana ƙidayar yara don a san waɗanda suka rasu. Ku lura, ƙauyuka aka jefa wa ƙuri'a, ba yara ɗai-ɗai ba. Wanda ya rubuta cewa "an raba yara gida biyu" ya canza wa binciken fasali, kuma ɗalibin da ya kai wannan gaban malamin da ke duba aikinsa zai sha tambaya.

Sai sakamako, kuma a nan nake so mu tsaya. Jimilla, mace-mace sun ragu da kashi 13.5 cikin ɗari. Mutane da yawa nan suke ajiye alƙalami. To amma duba teburin da ya nuna sakamakon kowace ƙasa: Nijar kashi 18.1, Malawi 5.7, Tanzaniya 3.4. A Nijar kaɗai raguwar ta yi ƙarfin da za a ce ba sa'a ba ce kawai. Idan ka ba ɗalibi 13.5 ita kaɗai, zai tafi da tunanin cewa haka maganin ya yi aiki ko'ina, alhali maƙalar ba ta nuna haka ba.

Haɗa masa da ainihin adadin kuma: a cikin yara dubu a shekara, 14.6 ne suka rasu inda aka sha maganin, 16.5 inda ba a sha ba. Wato bambancin kusan yara biyu ke nan a kowane dubu.

Wata ɗaliba ta tambaya ko a saka bayanin dalilin da ya sa maganin ya yi aiki. A'a, 'yata. Wannan binciken mace-mace ya ƙirga. Abin da aka faɗa kan dalili a sashen tattaunawa hasashen marubuta ne, in kuma ya zama dole ki kawo shi, ki rubuta ƙarara cewa hasashe ne.