Yadda Ake Gane Kayan da Suka Kwanta a Sito Daga Rahoton Ajiya

Jama'a, assalamu alaikum. Rahoton ajiyar da za mu yi nazari a kansa misali ne na sito mai sayar da kayan gini a nan Damagaram, an fitar da shi a watan Maris, kuma za mu duba kaya uku kacal a cikinsa. Kowane kaya yana da adadin da ya rage, da kwanakin da ya yi tun shigowarsa, da ranar da aka sayar da shi ta ƙarshe, da cinikin watanni 12 da suka wuce. Kwanakin ajiya kaɗai ba su isa a yanke wa kaya hukunci ba, sai an ɗora su a kan tarihin ciniki.

Na farko shi ne fenti, bokiti 240. Rahoton ya raba su gida biyu: bokiti 60 ba su kai kwana 90 ba, sauran 180 kuwa sun haura kwana 180. A cikin shekara guda an sayar da bokiti 96, wato takwas a kowane wata. Idan muka raba 240 da takwas, za mu sami 30, ma'ana fentin da ke ajiye zai ɗauki wata 30 kafin ya ƙare. Wannan shi ne kaya mai tafiyar hawainiya: yana fita, amma fitarsa ba ta dace da tarinsa ba. Ɗan kasuwar da ke iya sake saro fenti daga Kano ko Maraɗi cikin 'yan kwanaki ba ya buƙatar fiye da na wata shida, wato bokiti 48. Ragowar 192, idan an saro kowanne a kan jaka 15, kuɗi ne sefa 2,880,000 da aka daskarar, alhali zafin Afrilu da Mayu yana tafe, kuma fenti ba ya son daɗewa a zafi. Abin da ya fi damuna a wannan layi shi ne sababbin bokiti 60 ɗin, domin suna nuna cewa an yi sari ba tare da an duba abin da ke jibge a baya ba.

Na biyu makullan ƙofa ne guda 150, kuma a nan ne rahoto ya fi ruɗar mutane. Kwanakin ajiyarsu 20 ne kawai, sai mai karatu ya ɗauka sabon kaya ne. Amma ku dubi ranar ciniki ta ƙarshe: wata 14 ke nan ba a sayar da ko ɗaya ba. Abin da ya faru shi ne an kwaso su daga shagon da ke Kasuwar Dole an mayar da su sito, sai rahoton ya ƙidaya hakan a matsayin sabuwar shigowa, lissafin kwanaki ya koma farko. Saboda haka a kullum ku bambanta ranar motsi ta ƙarshe da ranar ciniki ta ƙarshe, domin canjin wuri, ko gyaran lissafi, ko kayan da aka dawo da su, duk motsi ne amma ba ciniki ba ne. Kayan da ya shekara cur babu mai saye, galibi shi ake kira mataccen kaya.

Na uku tamfol ne guda 400, sun yi kwana 250, kuma tun Oktoba ba a sayar da su ba. Kada ku yi saurin karyar da su. Ku buɗe cinikin wata-wata, za ku ga an sayar da 350 tsakanin Mayu da Yulin bara, lokacin da mutane ke shirin damina. Wannan kayan lokaci ne, ana auna shi da irin watanninsa na bara, ba da watannin rani ba.

Kafin a rubuta wa makullan nan hukunci, sai an shiga sito an ƙidaya su da hannu. Wani lokaci rashin ciniki yana nufin kayan a takarda kawai suke, ko kuma ana sayar da su a ƙarƙashin wata lamba dabam. Haka nan yawancin rahotanni suna lissafin kwanaki ne bisa zaton cewa abin da ya fara shiga shi ke fara fita, alhali masu lodi sukan ɗauki na bakin ƙofa. Don haka a duba ranar da ke jikin bokitan fentin da ke can ƙurya, a jawo tsofaffin gaba, sannan a dakatar da sarin fenti har sai adadin ya sauka zuwa 48.