Rahoton darussan aiki bayan gyaran hanya: abin da kwalbati ɗaya ya koya mana

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Shugaban taro, iyayenmu injiniyoyi da ke zaune a gaba, da ƙannena masu tasowa, barkanmu da warhaka.

An ce in yi magana a kan rahoton da ake rubutawa idan an gama gyaran hanya, wanda ake tara darussan da aikin ya koyar. Na karanta irinsa da yawa, kuma galibinsu maganarsu ɗaya ce: ruwan sama ya kawo cikas, kuɗi ba su fito a kan lokaci ba, a ƙara haɗa kai da jama'ar gari. Duk gaskiya ne. Amma ka ɗauki wannan shafi ka liƙa a rahoton kowace hanya daga Sakkwato har Maiduguri, zai zauna daram. To, wanda zai zana aiki na gaba me ya ƙaru da shi? Shi ya sa yau zan ɗauki wuri ɗaya tak a wata hanya da na yi wa aikin sa ido, mu bi shi tun daga ranar da ya lalace har zuwa yadda ya shiga rahoto. Ba zan faɗi sunan hanyar ko kamfanin ba, don ba su ne abin koyon ba.

Hanya ce ta kwalta da ta mutu, aka kankare ta, aka sake shimfiɗa burji, aka zuba sabuwar kwalta. Mun gama a ƙarshen rani. Kun san bayan an karɓi aiki akwai wa'adi, galibi wata 12, wanda duk aibin da ya fito daga hannun ɗan kwangila shi zai gyara da kuɗinsa, kuma ana riƙe masa wani kaso na kuɗinsa sai wa'adin ya cika. Cikin Agusta, damina ta farko ke nan, aka kira ni. A kilomita 14 da mita 300, daidai inda hanyar ta ratsa wata 'yar fadama a bakin gari, kwalta ta tsattsage kamar bayan kada, tsawon kusan mita 80. Idan tirela ta taka, sai ka ga ruwan laka yana ɓulɓulowa ta cikin tsagar. Na sa ƙafa a gefen hanya, takalmina ya nutse.

A nan aka fara jayayya. Ɗan kwangila ya ce lodi ne ya yi yawa. Ma'aikata ta ce bai danne burjin da kyau ba. Kowa ya kawo dalilin da zai fitar da shi daga biyan kuɗi. Ina roƙonku, kada ku rubuta ko ɗaya daga irin wannan a rahoto sai kun gwada shi.

Maganar lodi ba ta banza ba ce. Tun gwajin da aka yi a jihar Illinois ta Amurka tsakanin 1958 da 1960 aka gano cewa ɓarnar da mota ke yi wa hanya ba ta tafiya daidai da nauyinta. Idan nauyin da ke kan aksil ɗaya, wato ƙarfen da ke haɗa tayoyin hagu da dama, ya ninka biyu, ɓarnar takan ninka kusan sau 16. Amma ku yi tunani: tirelar da ta taka kilomita 14 ita ce ta taka kilomita 5 da kilomita 20. Lodi idan shi ne, za ka ga sawun taya ya lotsa a dogon zango, kuma ya fi muni a hannun da motoci ke bi da kaya. Namu mita 80 ne kawai, hannu biyu duka, gaba da baya kuma lafiya lau. Wannan ya cire lodi daga matsayin babban dalili.

Sai dannewa. Muka buɗe fayil ɗin gwaje-gwaje, muka ga sakamakon gwajin yashi na auna dannewa da aka yi a wurin lokacin aiki, ya ci. Muka haƙa rami biyu, ɗaya a inda ya lalace, ɗaya mita 200 gaba. Kaurin burji ɗaya ne, kuma tun asali daga wuri ɗaya aka ɗebo shi. Bambancin kawai, na farko jiƙe yake sharkaf, ka dunƙula shi a hannu ruwa ya fito, na biyu kuwa sai da diga. Burjin da ake sawa ƙarƙashin kwalta ana son ya kai 80 a gwajin CBR, mai auna ƙarfinsa na ɗaukar nauyi, amma ko mai kyau ne, in ya kwana cikin ruwa mako da makonni, mota tana dukansa, ƙarfin nan tafiya yake yi.

To daga ina ruwan? Wani dattijo mai gona a wurin shi ya ba mu amsa kafin lissafi ya ba mu. Ya ja ni zuwa bakin kwalbati ya nuna mini layin shara da ruwa ya bari a jikin gangaren hanya, kusan daidai da kafaɗar kwalta. Ya ce, "Injiniya, duk ruwan da aka yi mai ƙarfi, nan tafki yake zama, sai ya kwana biyu bai janye ba. Da can ba haka yake ba, sai da unguwar nan ta sama ta cika da gidaje."

Kwalbatin bututu biyu ne na kankare, kowanne faɗin bakinsa milimita 900. Haka muka tarar da tsohon, haka zane ya ce a mayar da sabo. Ba wanda ya sake lissafin ruwan. Bari in yi muku shi a allo, da lambobi na kusa don a gane. Ga ƙa'idar da aka saba amfani da ita ga ƙaramin fili:

```
Q = 0.278 × C × I × A
```

Q shi ne yawan ruwan da ke isowa kwalbati a daƙiƙa. A shi ne faɗin filin da ruwansa ke gangarowa wurin, a namu kusan murabba'in kilomita 0.8. I ƙarfin ruwan sama ne, mu ɗauka milimita 60 a awa. C kuwa shi ne kason ruwan da ke gudu bai nutse a ƙasa ba. Lokacin da wurin yake gonaki na jigawa, sa 0.2, sai ka samu kusan kubik mita 2.7 a daƙiƙa. Bututun nan biyu, bakinsu a haɗe murabba'in mita 1.27 ne, in ruwa na gudun mita 2 a daƙiƙa za su wuce da kusan 2.5. Kun ga wanda ya zana na farko bai yi nisa da daidai ba a zamaninsa. Yanzu da rufin kwano da daɓen siminti suka rufe filin, C ya koma wajen 0.5, ruwan ya zama kusan 6.7. Fiye da ninki biyu na abin da kwalbatin zai iya haɗiya. Ragowar sai ya taru, ya jiƙa cikon hanya daga gefe, ya hau har cikin burji. Ga kuma leda da yashi da suka cinye kusan rabin bakin bututu ɗaya.

Wannan kuskure har da ni a ciki. Na bi ta wurin sau da yawa da rani, na ga sababbin gidaje, ban tambayi inda ruwansu ke zuwa ba. Na rubuta haka a rahoton, kuma ban ga ya rage ni da komai ba.

Yanzu ga yadda aka fara rubuta darasin a daftarin farko: "An samu matsalar magudanar ruwa a wasu wurare, a riƙa kula da magudanai a ayyuka na gaba." Na mayar da shi. Ga yadda ya koma, ku saurara da kyau:

"A kilomita 14+300, kwalta ta tsage tsawon mita 80 a daminar farko. Ramukan gwaji sun nuna burji ya jiƙe, kauri da dannewa kuwa sun cika sharaɗi. Dalili: an mayar da kwalbati mai bututu biyu na milimita 900 yadda yake, ba a sake lissafin ruwa ba, alhali an gine filin da ke sama. An maye shi da kwalbatin akwati mai mita 2 faɗi da mita 2 tsayi, an ɗaga hanya, an sake shimfiɗa. Tun da aibin na zane ne, ma'aikata ce ta biya. Shawara: a sa a takardar aikin mai zane cewa kowane kwalbati sai an sake auna filinsa da lissafin ruwansa, an kuma duba shi da damina tare da mazauna wurin. Wanda zai aiwatar: sashen zane, kafin a tallata kwangila ta gaba."

A ainihin rahoton mun sa adadin kuɗin da kwanakin da gyaran ya ci, da hotuna masu kwanan wata, da lambar kowace takardar gwaji. Kuɗin nan ku tabbata kun sa shi, kusa da abin da sake lissafin zai ci tun farko, domin babban sakatare ba zai karanta CBR ba, amma zai karanta naira.

Ku lura da jimla biyu na ƙarshe na darasin da na karanta muku. Darasin da bai faɗi takardar da za a canza da ofishin da zai canza ta ba, a kabad zai ƙare. Mai zanen gobe ba lallai ya ga rahotonku ba, amma dole ya karanta sharuɗɗan aikinsa, don da su za a biya shi.

Wani ƙanena a baya ya ɗaga hannu ɗazu yana tambaya, yaushe ake rubuta rahoton? Tambaya ce mai kyau. Da mun rufe namu ranar da aka yanke kyalle, da wannan labari duka bai shiga ba, don hanyar tana sheƙi a ranar. Ni abin da nake yi, daftari na farko lokacin karɓar aiki, kafin fomen da safiyo da masu gwaji su watse zuwa wasu ayyuka, domin su ne suka san abin da bai shiga wasiƙa ba. Ina zama da su ba tare da manyansu ba, in buɗe littafin aiki na kullum muna bi wata-wata. Sannan a rufe rahoton bayan hanya ta sha damina ɗaya cikakkiya, daidai ƙarewar wa'adin gyara. Kuma a rubuta abin da ya yi kyau da irin wannan dalla-dalla: ramin burjin da ya ba da kaya mai kyau, a faɗi inda yake, da sakamakon gwajinsa, da kimanin abin da ya rage a ciki.

Da muka koma da wannan ido, muka sake lissafin sauran kwalbatocin hanyar, muka samu guda biyu da ke bakin garuruwa su ma sun yi ƙanƙanta, ko da yake ba su kai ga fasa kwalta ba tukuna. Muka sa su a rahoto da lambar kilomitarsu, aka ba masu kula da hanya su riƙa yashe su kafin watan Yuni har a samu kuɗin canza su.

Na ga an yi mini alamar lokacin salla ya yi. Na zo da kwafin shafin nan na kilomita 14, na goge sunaye, yana wurin sakataren taro ga mai son ya gani. Wassalamu alaikum.