Ilektron Biyu Marasa Abokin Zama: Lacca a Kan Oksijin da Maganaɗisu

Assalamu alaikum. Na baya, kuna jina? To, madalla. Abu uku zan yi yau: mu gina zanen obital, wato ɗakunan da ilektron ke zama, na molekul ɗin oksijin, mu fitar da darajar ɗaurinsa, wato yawan ɗaurin da ke tsakanin atam biyun, sannan mu ga dalilin da ya sa maganaɗisu ke jan sa. Uku na ce ko? To, ku riƙe mini lissafin, don na san halina.

Bari in fara da abin da ido ke gani. Idan aka sanyaya iskar oksijin har ta kai digiri 183 ƙasa da sifili, sai ta zama ruwa mai shuɗi-shuɗi. Ka samu ƙaƙƙarfan maganaɗisu mai baki biyu suna fuskantar juna, ka tsiyaya wannan ruwan a tsakani. Ba ya zubewa. Sai ya maƙale tsakanin bakunan nan biyu kamar gada, yana tafarfasa har ya ƙare. Ka tsiyaya ruwan naitirojin a wuri guda, sai ya wuce abinsa ƙasa, ko waiwaye babu. James Dewar ya nuna cewa maganaɗisu na jan ruwan oksijin tun 1891, kafin ma a gano ilektron. Wato an ga abin, amma ba a san dalili ba.

Mu kuma a sakandare me aka koya mana? Zanen Lewis, na 1916. O, layi biyu, O, kowane atam da ɗige huɗu a gefe, biyu-biyu. Ku duba shi a allo. Kowane ilektron na da abokin zama. To, ga matsalar: ilektron ɗaya kamar ƙaramin maganaɗisu yake, saboda juyin da yake da shi, wanda muke zanawa da kibiya sama ko kibiya ƙasa. Idan biyu suka zauna tare, ɗaya sama ɗaya ƙasa, sun kashe juna, babu saura. Abin da duk ilektron ɗinsa suke biyu-biyu, maganaɗisu ba ya jan sa, sai ma ya ɗan ture shi kaɗan. Haka naitirojin yake. Zanen Lewis ya ce oksijin ma haka yake, ruwan oksijin kuma ya ƙaryata shi a bainar jama'a.

To mu gina namu. Atam ɗin oksijin na da ilektron 8: biyu a 1s, biyu a 2s, huɗu a 2p. Na 1s ɗin nan sun lafe can ciki kusa da cibiya, ba ruwansu da ɗauri, mu bar su su huta. Saura shida. Atam biyu, sha biyu ke nan. Ku rubuta 12 a gefen takarda ku kewaye shi, za mu dawo kansa.

Zana atam ɗaya a hagu, ɗaya a dama, 2s a ƙasa, 2p uku a sama, tsakiya kuma ka bar fili. Ƙa'idar ɗaya ce: obital biyu in sun haɗu, biyu suke haifarwa. Ɗaya na sauka ƙasa, shi ne mai ɗaurewa, domin yana tara ilektron a tsakanin cibiyoyin biyu, duka biyun suna jan abu guda. Ɗayan na hawa sama, shi ne mai warwarewa, domin a daidai tsakiya babu komai, sai cibiyoyin su zauna suna ture juna. Mai warwarewa muna sa masa tauraro a ka. Tauraron nan ba lambar yabo ba ce. [dariya]

2s da 2s suka ba mu σ2s a ƙasa da σ*2s a sama. Wannan mai sauƙi ne. Sai 2p. Kowane atam na da uku, shida ke nan, saboda haka shida za mu samu a tsakiya. Layin da ya ratsa cibiyoyin biyu mu kira shi z. To pz na wannan da pz na wancan suna haɗuwa gaba da gaba, haɗuwa mai ƙarfi, sai su ba da σ2p can ƙasa da σ*2p can ƙololuwa. Su kuwa px da py, kafaɗa da kafaɗa suke haɗuwa, ba su cuɗanya sosai, don haka tazarar ba ta da faɗi: π biyu a ƙasa, π* biyu a sama. Kuma biyun nan tsayinsu ɗaya ne cif, domin px da py ba su da bambanci sai na inda suka fuskanta. Ku riƙe wannan, tsayinsu ɗaya.

Yanzu rabo, daga ƙasa zuwa sama, biyu-biyu. σ2s biyu. σ*2s biyu, huɗu ke nan. σ2p biyu, shida. π guda biyu, huɗu, goma ke nan. Nawa suka rage? Na ji wani ya ce biyu. Biyu! Kuma gabansu ɗakuna biyu ne, π* da π*, babu kowa a ciki, kuɗin hayarsu ɗaya.

A nan duk laccar take. Kishiyoyi biyu, aka nuna musu ɗakuna biyu iri ɗaya, girma ɗaya, aka ce kowa ta zaɓa. Wa ya taɓa ganin sun ce a'a, mu dai a bar mu a ɗaki guda? [dariya] Hajiya tana hararata, yi haƙuri, misali ne. Ilektron duka cajinsu iri ɗaya ne, ture juna suke yi. Idan ka cusa biyu a obital ɗaya, ka tilasta musu zama kusa, wannan kuwa yana cin kuzari. In babu wani ɗaki sai na bene mai tsada, sai su haƙura su zauna tare, kamar yadda suka yi a ƙasa. Amma ga ɗaki kyauta a tsayi ɗaya? Kowa ya kama nasa. Kuma kibiyoyinsu sai su fuskanci wuri ɗaya, duka sama, domin ilektron masu juyi iri ɗaya sun fi nisantar juna, turewar sai ta ragu. Wannan ita ce ƙa'idar Hund, Friedrich Hund, Bajamushe. Ga yadda ya tsaya:

(σ2s)² (σ*2s)² (σ2p)² (π2p)⁴ (π*2px)¹ (π*2py)¹

Ku dubi ƙarshen. Ɗaya, ɗaya. Kibiya biyu duka sama, babu mai kashe su. Ƙaramin maganaɗisu biyu suna aiki tare a cikin kowane molekul. Shi ne abin da ake kira faramagnetik: shi kansa ba maganaɗisu ba ne, amma in ka kawo maganaɗisu sai ƙananan nan su karkata su bi shi. Abin da ke burge ni, ba mu saka wannan da hannu ba. Ba mu ce bari mu gyara zane don ya dace da gwaji ba. Ƙirga kawai muka yi daga ƙasa, goma suka shige, biyu suka rage, ɗakuna biyu. Da ilektron goma ne, kamar naitirojin, da ba a taɓa π* ba. Da sha huɗu ne, kamar fulorin, da π* ta cika maƙil, kowa da abokinsa. Sha biyun nan ce ta faɗo daidai tsakiya. John Lennard-Jones ya fitar da wannan bayani a 1929, kuma yana cikin abubuwan da suka sa aka fara ɗaukar hanyar Hund da Robert Mulliken da muhimmanci. Mulliken ya karɓi kyautar Nobel a 1966.

Wani zai ce, to ga oksijin cike da ɗakin nan, me ya hana shi taruwa a jikin maganaɗisun lasifika? Zafi. Molekul ɗin iska suna gudu suna karo, kibiyoyin na watsewa ko'ina, ga shi kuma sun yi nisa da juna. A ruwa mai sanyi kuwa sun cunkushe, hargitsin ya lafa, sai jan ya fito fili.

Abu na uku... na biyu ne? To, na biyu. Darajar ɗauri. Ƙirga na masu ɗaurewa: biyu, biyu, huɗu, takwas. Na masu tauraro: biyu a σ*2s, biyu a π*, huɗu, sai ka debe su daga na masu ɗaurewa ka raba biyu. (8 − 4) ÷ 2 = 2. Biyu, daidai da layi biyun Lewis, a nan ya yi gaskiya. Amma biyun ba irin nasa ba ne. σ2s da σ*2s sun kashe juna. σ2p ya ba da ɗauri ɗaya cikakke. Kowace π kuwa tana da biyu a ƙasa da ɗaya a sama, rabi ke nan. Ɗaya da rabi da rabi. Tsawon ɗaurin fikomita 121, ƙarfinsa kilojul 498 a kowane mol.

Ga gwajin da ke nuna zanen ba ado ba ne. Cire ilektron ɗaya, O₂⁺. Daga ina zai fita? Daga π*, mai warwarewa. Daraja ta zama 2.5, ɗauri ya gajarta zuwa 112. Ka cire, abu ya ƙara ƙarfi! Ƙara wa O₂ biyu kuwa, ka samu feroksaid, π* ta cika, daraja 1, tsawo 149, maganaɗisu kuma ya daina jan sa.

Na manta wani abu, kuma yana zuwa a jarrabawa. A naitirojin, π biyun suna ƙasa da σ2p, domin 2s da 2p suna kusa, suna cuɗanya, sai a tura σ2p sama. A oksijin 2s ya nutse ƙasa sosai, cuɗanyar ta yi rauni, σ2p ya zauna ƙasa. In ka juya su, darajarka biyu za ta fito, amma zanenka na naitirojin ne. In kuma ka gama ba ka ga kibiya biyu su kaɗai ba, ƙirga kibiyoyinka, su zama 12, sannan ka duba ko ka cusa biyun a ɗaki guda.

Lokaci ya tafi. Akwai tambaya? Ga hannu can, bismillah.

Wata ɗaliba: Malam, an ce mana abu mai ilektron marar aboki yana da zafin haɗuwa da komai. To oksijin na da biyu, me ya sa bai cinye takardar nan ba?

Kai, 'yata, kin taɓo wuri.  Takarda, sukari, man gyaɗa, jikinki, duk ilektron ɗinsu biyu-biyu suke, sama da ƙasa. Ruwa da iskar da ke fita bayan ƙonewa su ma haka. Oksijin ya zo da kibiya biyu duka sama. Kafin a tashi daga nan a kai can a taki ɗaya, sai wata kibiya ta juya, juyawar kuma ba ta zuwa da sauƙi a karon molekul. Shi ya sa ake buƙatar ashana, ta fasa ɗauri ta samar da gutsattsari masu ilektron marar aboki, su ne oksijin ke kamawa nan take. A jiki kuwa ƙarfe da tagulla da ke cikin inzayim ke yin wannan aikin a hankali.

Amma akwai oksijin da aka juya masa kibiya, ɗaya sama ɗaya ƙasa. Yana sama da na kullum da kilojul 94 a kowane mol, kuma shi ba ya jiran ashana, kai tsaye yake faɗa wa rini da mai. Ana samar da shi a ɗakin gwaji da haidirojin feroksaid da sinadarin bilic, in aka kashe fitila har jan haske ake gani. Ban ce ku je gida ku haɗa ba, na ga wasu suna rubutawa. Ajiye biron, ɗana. Wa ke da wata tambayar kafin a kira salla?